Jadawalin mako a shagon ɗinki: a gefen takarda, sunaye za ka jera, ko awoyi, ko kekuna?

Duk wanda ya zauna zai zana jadawalin aikin mako ya san ranaku ne za su hau saman takarda, Litinin zuwa Asabar ko Asabar zuwa Alhamis, gwargwadon ranar da shagonsa ke hutu. Wannan ba ya da gardama. Inda ake rabuwa shi ne gefen hagu. Wani zai jera sunayen ma'aikata, wani ya jera awoyi daga safe zuwa yamma, wani kuma ya jera kekuna da injuna. Takarda ɗaya ce, rula ɗaya, fensir ɗaya, amma kowane zubi akwai abin da yake fito maka da shi fili, akwai kuma abin da yake ɓoye maka. Ra'ayina shi ne abin da ya fi ƙaranci a shagonka, shi za ka sa a gefen takarda. In lokacin mutane kake biya, sa mutane. In damuwarka kada a zo a tarar da shago babu kowa, sa awoyi. In wuta ce matsalarka, sa kekuna.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki shago guda mu zana masa dukkan ukun. A ce shagon ɗinkin kayan maza ne a cikin Kano, mutum biyar ke aiki. Akwai maigida, shi ke awo da yanka, yana kuma hawa keke in aiki ya yi yawa. Akwai babban tela da ƙaramin tela. Sai yara biyu masu koyo: ɗaya yana zuwa da safe ya tashi da La'asar ya tafi Islamiyya, mu kira shi yaron safe, ɗayan yana makarantar boko, sai ƙarfe 3 yake isowa, mu kira shi yaron yamma. Kayan aiki kuwa keken wuta biyu ne, keken ƙafa ɗaya, injin wibin ɗaya, da dutsen guga. Ana buɗewa ƙarfe 8, a tashi ƙarfe 1 don Azahar da abinci, a dawo ƙarfe 2, a rufe ƙarfe 6. Lahadi hutu. Makulli da awo a hannun mutum biyu suke, maigida da babban tela. A wannan makon da za mu zana, maigida zai shiga Kantin Kwari ranar Talata da safe sayen yadi, babban tela kuma ya nemi izini ranar Talatar sai ƙarfe 10 zai iso.

Zubi na farko: sunaye a gefe

Ka samu farar takarda irin ta fotokofi, wadda ake kira A4, ka kwantar da ita ta yadda tsawonta zai zama faɗi. Faɗin nan santimita 29.7 ne, tsayin kuma 21. Ka bar santimita ɗaya-ɗaya a gefe da gefe, ka ba sunaye santimita 4, ka ba kowace rana santimita 3.5, sannan a ƙarshen dama ka bar santimita 2.5 don jimilla. Daga sama ka ware santimita 3 na kwanan wata da sunayen ranaku, kowane mutum ka ba shi layi mai tsayin santimita 2.5. Mutum biyar sun ci 12.5, za ka ga an bar maka fili a ƙasa, kada ka cike shi tukuna, zai yi amfani.

A cikin kowane gida za ka rubuta lokacin shiga da na tashi, sannan a kusurwa ka sa adadin awoyin ranar. Gidan babban tela na Litinin zai zama 8–1 a sama, 2–6 a ƙasa, da ɗan ƙaramin 9 a kusurwa. Rubuta zangon biyu daban-daban yana da muhimmanci. In ka rubuta 8–6 kawai, ranar lissafi za a ƙirga awa goma, alhali tara aka yi.

Ƙarfin wannan zubin lissafi ne. Bi layin babban tela daga hagu zuwa dama: awa tara-tara a Litinin, Laraba, Alhamis da Asabar sun ba da 36, Talata ya zo ƙarfe 10 don haka awa 7, Juma'a ya yi 8–12 da 4–6, awa 6. Jimilla 49. Ƙaramin tela da ke shigowa ƙarfe 9 yana da awa takwas-takwas kwana biyar, da awa 5 ranar Juma'a, 45 ke nan. Yaron safe yana yin 8–12 da 2–4 a ranakun Islamiyya huɗu da suka faɗo cikin makon aiki, wato 24, Alhamis babu makaranta ya yi awa 8, Juma'a 6, ya tashi da 38. Yaron yamma 3–6 kwana huɗu, awa 2 ranar Juma'a, awa 8 ranar Asabar, 22. Kafin shayi ya huce ka gama wannan lissafin, kuma kowa zai iya bin layinsa da yatsa ya tabbatar.

Shi ya sa in kana biyan wani kuɗin yini ko na mako, ko kana raba wa yara kuɗin sabulu gwargwadon zamansu, wannan zubin ne ke kashe gardama. Mai awa 38 da mai awa 22 ba za su ce a ba su daidai ba, takarda na gabansu. Haka kuma shi ne zubin da ke saurin nuna maka in ka danne wani. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, a kuma ba shi hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Ta ce yaron da bai kai shekara 16 ba kada ya wuce awa huɗu a jere, kada kuma ya wuce awa takwas a yini. Dalilin da ya sa na tsayar da zangon yaran a ƙarfe 12 ke nan maimakon ƙarfe 1. Ko da babu jami'in da zai taɓa leƙo shagonka, waɗannan iyakoki ne masu kyau, domin yaron da ya gaji shi ke yanke yadin mutane da wuƙar injin wibin.

To amma dubi abin da wannan takardar ta ɓoye. Gidan maigida na Talata ya ce 2–6, babu laifi. Gidan babban tela ya ce 10–1 da 2–6, shi ma babu laifi. Kowane gida in ka dube shi shi kaɗai lafiya lau yake. Sai ka sauko da ido daga sama zuwa ƙasa a kan Talata, ka riƙa haɗa lokutan a ka, kafin ka gane cewa ƙarfe 8 yaron safe ne kaɗai zai zo, kuma ba shi da makulli. Zai zauna a dakali. Ƙarfe 9 ƙaramin tela zai same shi a nan, su zama biyu. Mai kayan da ya biyo kafin ya wuce ofis zai tarar da ƙofa a garƙame, ya kira maigida yana tsakiyar ciniki a Kwari, maigida ya kira yaro, yaro ya ce, “Wallahi Oga tun takwas nake nan, ba a bar mini makulli ba.” Ba wanda ya saɓa wa jadawali. Jadawalin ne bai nuna ramin ba, domin an gina shi ne don a karanta shi a kwance, mutum-mutum, ba a tsaye ba.

Zubi na biyu: awoyi a gefe

Nan ranaku na nan a sama yadda suke, amma gefen hagu awoyi ne: 8–9, 9–10, haka har 5–6. Layi goma ke nan, ka ba kowanne santimita 1.5. Layin 1–2 ka ja masa zane daga farko har ƙarshe ka rubuta Azahar da abinci. Ranar Juma'a ka toshe daga 12 zuwa 4. A cikin gidajen babu wurin cikakken suna, don haka kowa ya samu harafi guda, a rubuta ma'anar haruffan a ƙasan takarda: M maigida, B babban tela, Ƙ ƙaramin tela, S yaron safe, Y yaron yamma. Masu makulli da awo, wato M da B, ka riƙa zagaye harafinsu da da'ira. Wannan 'yar da'irar ita ce rabin amfanin zubin.

Yanzu cike Talata. Gidan 8–9, S kaɗai. Gidan 9–10, Ƙ da S. Daga 10 zuwa 12, B da Ƙ da S. Tun kafin ka ɗaga fensir ka ga gidaje biyu na sama babu da'ira a cikinsu. Ba ka yi lissafin komai ba, ido ne ya gani. A nan take za ka yanke shawara, ko maigida ya mai da zuwa Kwari Laraba, ko a bar wa ƙaramin tela makulli ya zo ƙarfe 8 ranar nan, a kuma gaya wa masu zuwa awo su bari sai hantsi. Gyaran da zai ci maka kwastoma ranar Talata ya zama gyaran magogi ranar Asabar da yamma.

Wannan zubin zai kuma nuna maka abubuwan da ba ka nema ba. Za ka ga daga 12 zuwa 1 kullum babu yaro ko ɗaya a shago, ke nan in zare ya ƙare ko ana son a karɓo kaya daga wurin mai aikin wuyan riga, tela ne zai tashi daga kan keke. Za ka ga daga 3 zuwa 4 yaran biyu suna tare, kuma daga Litinin zuwa Laraba wannan ce awa ɗaya tilo da za ka iya koya musu abu a lokaci guda, ko ka aiki ɗaya ka bar ɗaya. Duk shagon da kwastoma ke shigowa kowane lokaci, ko mai yara da yawa masu zuwa guntu-guntu saboda makaranta, wannan takardar ce ta dace da bangonsa.

Inda yake da rauni shi ne daidai inda na farko ke da ƙarfi. In kana son sanin awoyin ƙaramin tela, sai ka bi gidaje sama da hamsin kana neman Ƙ kana ƙirgawa, kuma B da Ƙ da aka rubuta da gaggawa da fensir mai dakushi suna iya kama da juna. Wasu don su rage wahala sukan haɗe awoyin su zama zango huɗu ko biyar: safe, hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar. Takardar takan fi kyan gani, gidajen su yi faɗi, amma akwai tarko biyu. Na farko, zangunan ba tsawonsu ɗaya ba, don haka wanda ya ƙirga gidaje ya ɗauka awoyi ya ƙirga zai zalunci wani. Na biyu, mai zuwa ƙarfe 9 da mai zuwa ƙarfe 3 ba su da gurbi, tunda sun faɗo tsakiyar zango. Ko dai ka matsar da lokacin zuwansu ya dace da zangon, ko ka koma layin awa-awa. Kada ka fara cusa ƙananan lambobi a gefen haruffa, daga nan takarda ke zama abin da mai ita kaɗai ke iya karantawa.

Tunda an zo nan, akwai zaɓin da ke cikin wannan zubin: agogo za ka rubuta a gefe ko lokutan salla? Mutanenmu da salla suke auna yini, kuma in ka ce wa yaro “bayan La'asar” ya fi riƙewa da ka ce ƙarfe 4. Sai dai lokutan suna tafiya da shekara. A Kano rana takan faɗi wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, a watan Yuli kuwa sai wajen 7 saura. Wanda ya rubuta “tashi: Magariba” ya ƙara wa ma'aikatansa kusan awa guda kullum da damina ba tare da ya sani ba, in kuma kuɗin yini yake biya, wata rana za a yi maganar. Azahar ma masallatai ba su haɗu a kan lokaci ɗaya ba, wani ƙarfe 1, wani 1 da rabi, wani 2. Abin da na fi so shi ne a rubuta agogo, a sa sunan sallar a gefensa, bisa lokacin masallacin da shagon ke bi. La'asar kuma a yanke mata hukunci sau ɗaya: mintunan da take ɗauka suna cikin awoyin aiki, ba a cire wa kowa. A rubuta hakan a ƙasan takarda, a huta.

Zubi na uku: kekuna a gefe

Wannan shi ne wanda ba a cika zanawa ba, kuma a ganina shi ne mafi yawan shagunan ɗinki suka fi buƙata. Dalili kuwa, teloli da yawa ba kuɗin lokaci ake biyansu ba, kuɗin kaya ne, kowane ɗinki da rabonsa. Wanda ake biya haka ba ya buƙatar a ƙirga masa awoyin zama a shago. Abin da yake so ya sani shi ne yaushe zai hau keken wuta, kuma awa nawa.

Kamfanonin rarraba wuta sun kasa layuka rukuni-rukuni, daga Band A da aka ce ba zai gaza awa 20 a rana ba har Band E mai awa 4. Amma ko an cika awoyin, ba a ce za su faɗo lokacin aikinka ba, suna iya zuwa da tsakar dare. Don haka abin da za ka iya zanawa a takarda shi ne wutar da ke hannunka, ta janareto ko ta sola. Ta layi in ta zo riba ce. A ce shagonmu na iya sayen man da zai riƙe janareto awa huɗu a yini, daga 9 zuwa 1, ranar Juma'a kuma 9 zuwa 12.

Zanen ba shi da wuya. A gefen hagu layi uku: keke na ɗaya, keke na biyu, injin wibin. Kowace rana ka raba gidanta biyu da layi a tsaye, 9–11 da 11–1. A kowane rabi ka sa harafin wanda zai hau. A ƙasa ka ƙara layi ɗaya mai faɗi ka rubuta masa “aikin da ba ya son wuta”, inda yanka, sa maɓalli, yanke zare, ninki da aikin keken ƙafa za su shiga, yawancinsu bayan Azahar.

Ga lissafin da wannan takardar ke bayarwa wanda sauran biyun ba za su taɓa ba ka ba. Awa huɗu kwana biyar, da awa uku na Juma'a, awa 23 ke nan na wuta a mako. Keke biyu, awa 46. Sai ka auna a shagonka, da agogo, awa nawa riga da wando ɗaya ke ci a kan keke bayan an gama yanka. Wannan ya danganta da hannun tela da irin ɗinkin, kaftani mai sauƙi daban, mai aljihu da kwala da hannu mai maɓalli daban, don haka naka awon za ka yi amfani da shi. Mu ce ya kama awa biyu. To shagon nan kaya 23 yake iya fitarwa a mako ta keken wuta, sai ɗan abin da keken ƙafa zai ƙara. In littafin karɓar kaya ya nuna ka yi alkawarin 35 a wannan makon, ka riga ka saɓa wa mutum goma ko fiye tun ranar da ka karɓi yadinsu, komai sammakon da telolinka za su yi. Ko ka ƙara awoyin janareto ka sa kuɗin man a cikin farashi, ko ka faɗa wa mai kaya gaskiyar ranar da zai samu. Yawancin sunan da teloli suka yi na saɓa alkawari daga rashin wannan ɗan lissafin yake, ba daga mugun nufi ba.

Mu koma Talatarmu. A wannan zubin gidan keke na ɗaya na 9–11 zai nuna rabinsa babu kowa, domin babban tela sai 10, maigida kuma yana kasuwa. Janareto na shan mai, keke ɗaya a tsaye. Mafita a bayyane take: ranar nan a tayar da injin ƙarfe 10, a mayar da awar da aka rage bayan Azahar lokacin da kowa na nan. Haka kuma layin wibin zai nuna 12–1 babu kowa kullum, tunda yaron safe ne ke kansa kuma ƙarfe 12 yake tashi. In ka matsar da shi ya riƙa zuwa 9 ya tashi 1, awoyinsa ba su canja ba, bai wuce huɗu a jere ba, injin wibin kuma ya samu cikakkiyar wutarsa. Abin da ka rasa shi ne mai shara da ƙarfe 8, sai a mayar da sharar ta zama aikin yaron yamma kafin a rufe.

Takardar za ta tilasta maka abu biyu kuma. Na ɗaya, yankan gobe yau ake yinsa. In tela ya hau keke ƙarfe 9 maigida bai yanka ba, awar wuta ce ke ƙonewa ana jiran almakashi, don haka yankan Litinin yana cikin gidan Asabar da yamma. Na biyu, guga. Dutsen guga na wuta yakan ja wat dubu ko fiye, ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi tare da kekuna biyu da wibin ba. Alamar ita ce ka ji muryar injin ta sauka, kekuna su rage gudu duk lokacin da dutsen ya kama. In haka naka yake yi, ko guga ya samu nasa rabin awa a jadawali bayan an sauka daga kekuna, ko a koma dutsen gawayi.

Rauninsa shi ne bai san komai game da zuwa da tafiyar mutane ba. Ba zai gaya maka wa zai buɗe shago ba, ba zai ba ka jimillar awoyin kowa ba, kuma yaron yamma kusan ba ya fitowa a cikinsa sam, tunda ba ya nan lokacin wuta. Wannan ma abin lura ne, domin yaron da bai taɓa zama lokacin da keken wuta ke aiki ba zai shekara yana sa maɓalli. Asabar ce ranarsa, a ware masa rabin zango a keke na biyu ko da kaya ɗaya zai ragu. In kuma shagonka na kan layin da wuta ke zama, ko solarka na ɗauke da komai daga safe zuwa yamma, kuma kowane tela na da kekensa, wannan zubin ba shi da abin da zai faɗa maka. Bar shi.

Wanne za ka ɗauka

Tambayi kanka wace rigima ce ta fi yawa a shagon cikin watan da ya wuce. In ta kuɗi ce, wane ya fi wane zama, wane ya makara an biya shi cikakke, zana na farko. In ta rufaffiyar ƙofa ce, ko kwastoma ya zo babu mai awo, zana na biyu. In ta keke ce, teloli na jiran juna, kaya na kwana, mai na ƙarewa ba a ga aikin da aka yi ba, zana na uku. Shagon mutum biyu ko uku da ke zuwa tare su tashi tare ba ya buƙatar na biyu ko kaɗan. Shagon da ya haura mutum bakwai ko takwas kuwa na biyun zai cushe masa, haruffa ba za su shiga gida ba, gara ya yi na farko a takarda biyu.

Shago irin wanda muka ɗauka, da ni ne, na uku zan kafa a bango, in ɗauko abu guda daga na biyu in ƙara a samansa: siririn layi mai suna “makulli da awo”, kowace rana a rubuta wanda ke riƙe da su da safe da wanda ke riƙe da su da yamma. Wanda kuma ya zaɓi na farko, filin nan da na ce ya bari a ƙasa wurin wannan layin ne, da wani na lokacin janareto. Abin da ba na so shi ne a liƙa takardu uku a jere. Ranar da aka gyara ɗaya aka manta biyu, kowa zai nuna wadda ta yi masa daɗi.

Ko wanne ka ɗauka, layukan da biro za a ja su, abin cikin gidaje da fensir. Ka zana fanko guda mai kyau, ba suna ba lokaci, ka kai a yi maka fotokofi da yawa, don wanda zai ja layi da rula kowane mako ba ya kai wata guda bai daina ba. A cike na mako mai zuwa ranar Asabar kafin a rufe, kowa na tsaye, a karanta da baki saboda yaron da karatunsa bai yi ƙarfi ba. Abin da aka tsara yana nan da fensir. Abin da ya faru in ya saɓa, a rubuta shi da jan biro a gefensa, kada a goge na farkon. In ka ga gida ɗaya na yin ja mako uku a jere, misali ƙaramin tela an rubuta 9 kullum yana zuwa 9 da rabi, ka fara tambayarsa dalili. Sau da yawa lokacin ne bai dace da hanyarsa ko kai yara makaranta ba, kuma gyara takardar ya fi faɗan kullum sauƙi.

Akwai makonnin da fankon da ka saba ba zai yi ba. Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ana tsaftar muhalli daga 7 zuwa 10 na safe, don haka gidajen safiyar ranar a toshe suke, janareto ma ya koma 10. Azumi kuwa sabon zane yake so gaba ɗaya, domin aikin teloli yakan koma dare bayan Tarawihi, a rage na rana. Mai zubi na biyu zai ƙara layukan dare, ya kuma kula da aikin da ya tsallaka sha biyun dare: a rubuta shi duka a ƙarƙashin ranar da aka fara shi, in ba haka ba awoyin za su rabu gida biyu a ƙirga wasu sau biyu. Mai zubi na uku ya sake lissafin awoyin keke tun kafin watan ya kama, ya ninka da makonnin da suka rage zuwa Salla, ya cire kwana biyu ko uku na ƙarshe don guga da gyare-gyare da miƙa kaya. Adadin da ya fito, a kansa zai rufe karɓar ɗinki.